Kafin ka rubuta "Without Prejudice" a saman wasiƙarka

Duk wanda ya daɗe yana buɗe fayil a ofis ya san wasiƙun nan. Takardar tashin ɗan haya, takardar neman biyan bashi, takardar tuhumar ma'aikaci, har da ta ajiye aiki, sai ka ga an dangwala musu kalmomi biyu da manyan haruffa a sama: "WITHOUT PREJUDICE". Ka tambayi akawun da ya buga ta, ya ce haka ya tarar ana yi. Ka tambayi mai gidan da ya sa hannu, ya ce ai don kada a kama shi da bakinsa ne. Mutane sun mayar da kalmomin tamkar laya, wadda in an rataya wa wasiƙa babu abin da zai same ta.

Ba laya ba ce. Aiki ɗaya kalmomin suke yi, kuma in aka sa su a inda ba muhallinsu ba, wanda ya rubuta su suke cuta. Bayanin da ke tafe ya shafi Najeriya ne, wadda ta gaji wannan ƙa'ida daga tsarin shari'ar Ingila.

Abin da kalmomin suke nufi a wurin alƙali

Ma'anarsu a taƙaice ita ce: ga tayin sulhu, in ka ƙi, maganata ta farko tana nan daram, kuma ba za ka ɗauki tayin ka kai kotu ka ce na amsa laifi ba. Haka Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila ta fassara su tun 1889 a shari'ar Walker da Wilsher, kuma ta ƙara da abin da mutane suke mantawa, wato in ɗaya ɓangaren ya karɓi tayin, to yarjejeniya ta ƙullu, babu ja da baya.

Dalilin ƙa'idar a fili yake. Ba a sulhu sai kowa ya sassauta. Wanda yake bin miliyan uku ba zai taɓa cewa "ba ni biyu mu rabu lafiya" ba, matuƙar ya san gobe lauyan abokin rigimarsa zai ɗaga takardar a gaban alƙali ya ce ga shi nan da bakinsa ya yarda biyu yake bi. Saboda haka doka ta keɓe wa masu rigima wani zaure da za su zauna su yi ciniki, abin da aka faɗa a ciki ya tsaya a ciki.

A Najeriya wannan zaure yana cikin Dokar Shaida ta 2011, a wurare biyu. Sashe na 196 ya ce bayanin da ke cikin takardar da aka yi wa wannan alama, wadda aka rubuta a yayin tattaunawar sasanta rigima a wajen kotu, ba za a gabatar da shi a shari'ar da ba ta laifi ba don tabbatar da abin da takardar ta ƙunsa. Sashe na 26 kuma ya fi faɗi: a shari'ar da ba ta laifi ba, iƙirarin da mutum ya yi bisa sharaɗin ba za a kafa hujja da shi ba, ko a yanayin da kotu za ta fahimci ɓangarorin sun yarda da hakan, ba a la'akari da shi.

Ka sake karanta sashe na 196 a hankali, za ka ga alamar kaɗai ba ta isa ba. Sai akwai rigima, sai kuma takardar ta kasance ta neman sasanta wannan rigimar. Kotuna ciki suke dubawa, ba goshi ba. A 1988, a shari'ar Rush & Tompkins da hukumar birnin Landan, kotun ƙarshe ta Birtaniya a wancan lokaci ta ce kariyar ba ta rataya a kan rubuta kalmomin ba, in dai yanayin ya nuna sulhu ake nema. Shekara guda bayan nan aka ga ɗaya fuskar: wani mutum mai suna Moran, da ke rigimar fili da hukumar gundumar Buckinghamshire, ya rubuta wasiƙa mai wannan alama, amma ba tayin komai a cikinta, haƙƙinsa kawai yake jaddadawa. Kotu ta karɓi wasiƙar a matsayin hujja duk da alamar. Hukuncin Ingila ba ya ɗaure alƙalin Najeriya, amma lauyoyinmu suna kafa hujja da shi, alƙalai kuma suna saurare.

Misalin da za mu bi

A ɗauka wani kafinta ne a Kano ya karɓi kwangilar benci 200 daga wata makarantar kuɗi, kowane a kan naira 24,000. Jimla miliyan 4 da dubu 800. An ba shi miliyan 2 kafin ya fara, ya kai kaya, mai kula da sito ya sa hannu a takardar karɓa. Saura miliyan 2 da dubu 800. Wata uku shiru. Da ya matsa, sai mai makarantar ya ce benci 40 sun fara ɓaɓɓallewa, katakon ɗanye ne, ba zai biya kuɗinsu ba. Kafinta ya ce yara ne suka karya su. Kuɗin benci 40 ɗin naira dubu 960 ne, ke nan akwai miliyan 1 da dubu 840 da babu wanda yake musu a kansa.

Kafinta yana bukatar kuɗi, masu katako suna binsa. A ransa ya yarda ya bar wani abu in za a biya shi yanzu. Yaya zai rubuta?

Mataki na farko: wa kake so ya karanta takardar nan?

Kafin a taɓa biro ko kwamfuta, tambaya ɗaya ce. In maganar nan ta kai kotu, ina so alƙali ya ga wannan wasiƙa, ko ba na so?

In amsar ita ce kana so ya gani, kada ka sa alamar. A nan ne mafi yawan ɓarnar take. Takardar neman biyan bashi ana rubuta ta ne don wata rana a nuna wa kotu cewa an nema ba a biya ba. Notis ɗin tashin ɗan haya, ko na wata shida ne ga mai biyan shekara, ko na wata guda ga mai biyan wata, ko na kwana bakwai da ke biyo baya, duk amfaninsa shi ne a miƙa shi a kotu a ce an bi ƙa'ida. Haka takardar soke kwangila, da takardar gargaɗi ga ma'aikaci, da sanarwar da doka ta wajabta a aika wa wasu hukumomi kafin a kai su ƙara. Wanda ya rubuta alamar a kan irin waɗannan ya ɗaure akuyarsa ne sannan ya miƙa wa abokin rigimarsa igiyar. Ranar da lauyansa ya tashi miƙa takardar, lauyan can zai miƙe ya ce bai yarda ba, ga alama a sama. In an yi sa'a, alƙali ya duba ciki ya ga ba takardar sulhu ba ce, ya karɓa, bayan an ɓata zama guda ko biyu ana muhawara a kan abin da bai kamata ya taso ba. In ba a yi sa'a ba, takardar ta faɗi, kuma wani lokaci ƙarar kacokan a kanta take tsaye.

Kafintanmu yana da magana iri biyu a bakinsa. Ɗaya yana so alƙali ya ji: na kai kaya, an karɓa, ina bin kaza. Ɗaya ba ya so: zan iya haƙura da wani abu. Kuskuren da aka fi yi shi ne a zuba su a wasiƙa ɗaya.

Mataki na biyu: raba su gida biyu

Wasiƙa biyu zai rubuta, ko da rana ɗaya za su tafi, ko da ɗan aike ɗaya zai kai su. Kowace da ambulan ɗinta. In ta imel ne, saƙo biyu daban, kada a liƙa su a saƙo guda.

Ta farko buɗaɗɗiya ce, babu wata alama a samanta. A cikinta zai faɗi ranar da aka ƙulla kwangila, adadin benci da farashinsu, abin da aka biya, ranar da aka kai kaya da wanda ya sa hannu, da ragowar miliyan 2 da dubu 800. Zai ce bai yarda katakonsa ɗanye ba ne. Zai ba da wa'adi da kwanan wata ƙarara, ba "nan ba da jimawa ba", ya kuma ce in wa'adin ya wuce zai nemi haƙƙinsa a kotu. Babu rangwame a cikinta, babu "ko da yake wataƙila wasu daga cikin bencin", babu zagi. Ka rubuta ta kamar alƙali yana leƙowa ta bayan kafaɗarka, domin wata rana zai karanta.

Ta biyu ita ce ta zaure. A samanta, da kuma layin batu in imel ne, za a rubuta:

```
WITHOUT PREJUDICE
```

Ni a ganina kada a tsaya a nan. A buɗe wasiƙar da jimla guda da ke faɗin abin da alamar take nufi, da harshen da mai karɓa yake ji. In da Hausa ake mu'amala, a ce: "Wannan takarda tayin sulhu ce a kan saɓanin da ke tsakaninmu game da ragowar kuɗin benci, kuma na rubuta ta bisa sharaɗin ba za a kafa hujja da ita a kotu ba in sulhun bai yiwu ba." Wannan jimla tana yin aiki biyu. Ta ambaci rigimar da sunanta, abin da sashe na 196 yake nema, ta kuma kafa sharaɗin da sashe na 26 yake magana a kai.

Sai tayin kansa, a fili: zai karɓi miliyan 2 da dubu 400 a madadin dukkan abin da yake bi, in an biya cikin kwana 14 ta asusu kaza, kuma in kwanakin suka wuce tayin ya faɗi, maganar buɗaɗɗiyar wasiƙa ce ke nan a tsaye. Ba sai ya yi dogon bayanin dalilin sassautawarsa ba. Kariya ba ta zama lasisin sakin baki ba, domin ko da mai makarantar ba zai iya miƙa takardar a kotu ba, ai ya karanta, ya san inda rauninka yake, kuma babu abin da ya hana shi ya je ya nemo wata hujjar a kan abin da ka tona masa. In kafinta ya rubuta cewa lallai ya sayi katako mai araha a wurin wane, to ya nuna wa lauyan can gidan da zai je neman mai shaida.

Mataki na uku: tabbatar akwai rigima ta gaske

Wannan matakin ya fi shafar wanda ake bi, kuma nan ne masu wayo suke faɗawa rami.

A juya misalin. A ce mai makarantar bai taɓa cewa bencin sun lalace ba, kuɗi ne kawai ba shi da su. Sai ya rubuta wa kafinta, da alamar a sama, cewa ya san ana binsa miliyan 2 da dubu 800, a yi masa haƙuri zuwa lokacin da ɗalibai za su biya kuɗin zango. A tunaninsa ya rufe bakinsa da alamar. To wace rigima ake sasantawa a nan? Babu. Bai musanta bashin ba, bai musanta adadin ba, lokaci yake roƙo. Lauyan kafinta zai ce wannan amsa bashi ce, ba cinikin sulhu ba, kuma yana da madogara mai ƙarfi. A 2006, a shari'ar Bradford & Bingley da Rashid, kotun ƙarshe ta Birtaniya ta duba wasiƙun da aka rubuta a madadin wani da ake bi ragowar bashin gida. Wasiƙun ba su ɗauke da alamar, amma an yi ƙoƙarin a ce na sulhu ne. Kotu ta ce tunda ba su musanta bashin ba, maganar yadda za a biya kawai suke yi, ba su shiga zauren ba.

Abin da ya sa wannan yake da nauyi shi ne wa'adin kai ƙara. Bashin kwangila yana da iyakar shekarun da za a iya kai shi kotu, biyar ko shida gwargwadon dokar jiha, kuma amsa bashi a rubuce da sa hannu yana sa a fara ƙirga shekarun daga farko. Don haka wasiƙa guda tana iya tayar da bashin da ya kusa mutuwa.

Mai bin bashi shi ma yana da darasi a nan, ta ɗaya gefen. In kana so ka riƙe amsar mutum a matsayin hujja, kada ka karɓe ta a cikin zaure. A 2009, a shari'ar Ofulue da Bossert, masu gida sun so su kafa hujja da wasiƙar da mazauna gidan suka rubuta suna tayin sayensa, don nuna cewa sun yarda gidan ba nasu ba ne. Wasiƙar tana da alamar, kuma an rubuta ta ana tsakiyar neman sasanta shari'a. Kotu ta hana. Saboda haka kafintanmu, in yana da dabara, zai nemi mai makarantar ya tabbatar masa a buɗaɗɗiyar takarda cewa miliyan 1 da dubu 840 babu musu a kansu, sannan a shiga zaure a yi cinikin dubu 960.

Mataki na huɗu: kula da wasiƙun da ke biyo baya

Mai makarantar ya amsa ya ce miliyan 2 da dubu 100 zai iya. Ya manta bai sa alamar ba. Wannan ba ya buɗe amsar tasa, domin ci gaban zancen zaure ne, kuma kotu takan ɗauki jerin wasiƙun a matsayin abu guda. Duk da haka ka riƙa sa alamar a kowace wasiƙarka, kada ka bar wa gardama ƙofa. In za a zauna baki da baki ko a yi waya, a faɗi sharaɗin tun farkon magana, kuma a tura gajeren saƙo kafin zaman da ke cewa zaman na sulhu ne bisa wannan sharaɗi.

Ranar da kake so ka fito daga zauren, faɗa a fili. Rubuta cewa wannan wasiƙa buɗaɗɗiya ce kuma za ka kafa hujja da ita. Amma fitarka ba ta buɗe abin da aka riga aka faɗa a ciki ba. Kariyar ta ku biyu ce, ba taka kai kaɗai ba, ko wasiƙar da kai ka rubuta ba za ka iya miƙa ta ba sai ɗayan ya yarda. Na sha ganin mutum ya yi tayi mai kyau, aka ƙi, ya zo kotu yana so ya nuna wa alƙali irin adalcin da ya yi, aka ce masa ƙofar a rufe take.

Akwai wata siga da aka ƙirƙiro don wannan matsalar, "Without Prejudice Save as to Costs", wadda ta samo asali daga shari'ar Calderbank ta 1975. Tana nufin alƙali ba zai ga tayin ba sai bayan ya yanke hukunci, lokacin da ake maganar wanda zai ɗauki kuɗin shari'a. Wannan ta lauyoyi ce, kada ka sa ta da kanka sai lauyanka ya duba dokokin kotun da abin zai je.

A fayil ma a raba su. Buɗaɗɗun takardu gefe guda, na zaure gefe guda, don kada magatakarda ya haɗa su cikin takardun da za a shigar kotu.

Mataki na biyar: in an daidaita

Sun haɗu a miliyan 2 da dubu 300. Mai makarantar ya rubuta "na amince". Daga wannan lokacin akwai sabuwar yarjejeniya mai ɗaure su duka, ko da kowace wasiƙa tana ɗauke da alamar. In mai makarantar ya ƙi biya, kafinta zai iya kai waɗannan wasiƙun kotu don nuna an yi sulhu da abin da aka yi shi a kai. In kuma kafinta ya kwana ya ga ya yi asara, ya makara. Don haka kada ka yi tayin da ba ka shirya a karɓa ba, wai don ka gwada zurfin ruwa.

Abin da ya dace shi ne a rubuta sulhun a takarda guda, buɗaɗɗiya, ba alama, kowa ya sa hannu da shaidu: adadin, ranar biya, abin da kowa ya yafe, da abin da zai faru in ba a biya ba. Wannan na ƙarshen shi ake yawan mantawa. Kafinta ya sa a rubuta cewa in ranar ta wuce ba a biya ba, cikakken bashin miliyan 2 da dubu 800 ya dawo, in ba haka ba ya yafe dubu 500 a kan alkawari kawai.

Inda zauren ba shi da rufi

Alamar ba ta rufe barazana da zamba. Wanda ya rubuta "ka biya ko in tona maka asiri", ko ya yi ƙarya don a yarda da sulhu, ba zai fake da ita ba; Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila ta jero irin waɗannan togaciya a 1999 a shari'ar Unilever da Procter & Gamble. Ba ta kuma shafi takardun da suke nan tun kafin a fara sulhu ba. Rasit da takardar karɓar kaya hujja ne, ko an liƙa kwafinsu a wasiƙar zaure ko ba a liƙa ba. Sannan sashe na 196 shari'ar da ba ta laifi ba ya ambata, don haka wanda ya ba da cakin bogi kada ya zaci alamar za ta kare shi a gaban mai gabatar da ƙara.

Ga wata da ta shafe mu a Arewa musamman. Sashe na 256 na Dokar Shaida ya ce dokar ba ta aiki a shari'o'in da ba na laifi ba a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci da kotunan yanki da na gargajiya, sai in an ba su ikon yin aiki da ita ta hanyar sanarwa a hukumance. Rigimar kafinta da mai makaranta, in duka Musulmi ne, tana iya ƙarewa a gaban alƙalin da ke hukunci da fiƙihun Malikiyya, inda iƙirarin mutum a kan kansa yake da nauyi ƙwarai. Kada ka shiga can da zaton kalmomin Turanci biyu za su toshe abin da ka amsa da hannunka. In akwai yiwuwar maganar ta je irin wannan kotu, rubuta tayin ta yadda babu amsa laifi a cikinsa ko kaɗan: "don a zauna lafiya zan karɓi kaza", ba "na san wasu bencin ba su yi kyau ba".

Sauran 'yan uwanta

Akwai wata da take kama da ita har ake rikita su. In kalmomin suka zo a tsakiyar jimla, kamar "without prejudice to our rights", ba maganar ɓoye takarda ake ba. Cewa ake: abin da muka yi yanzu bai zubar da sauran haƙƙinmu ba. Mai gidan haya da ya karɓi wani ɓangare na kuɗin da yake bi yana iya rubuta wannan a buɗaɗɗiyar wasiƙa. Sai dai tunda tana jawo ruɗani, gara a faɗi maganar kai tsaye, a ce karɓar wannan kuɗi ba yafe ragowar ba ne.

"Subject to Contract" kuwa aikinta daban ne gaba ɗaya. Ba ta hana alƙali ganin takarda, ƙulluwar yarjejeniya take hanawa har sai an rubuta cikakkiya an sa hannu. A 1988 Kotun Ƙoli ta Najeriya ta yanke shari'ar bankin UBA da kamfanin Tejumola, a kan cinikin hayar wani gini a Legas. An yi ta musayar wasiƙu masu wannan alama, mai ginin har ya kashe kuɗi yana gyare-gyare, daga baya bankin bai shiga ba. Kotu ta ce babu yarjejeniyar da ta ƙullu. Darasin ga wanda aka aiko wa irin wannan wasiƙa shi ne kada ya sayi ko buhun siminti guda a kanta. Ga mai rubutawa kuma, kada ya sa ta a kan takardar da yake so ta ɗaure ɗayan. Da kafintanmu ya sa ta a tayinsa, "na amince" ɗin mai makaranta ba za ta ɗaure kowa ba sai an sa hannu a takardar ƙarshe. Wani lokaci hakan ake so, musamman in sulhun yana da rassa da yawa, amma a sa ta da sani.

"Private and Confidential" ladabi ce ga masinja da sakatare, kada su buɗe. Ba ta hana kotu karantawa.

Ta ƙarshe ita ce "Full and Final Settlement", wadda yanzu har a bayanin taransifa ake rubuta ta. A ce kafin a daidaita, mai makarantar ya tura wa kafinta miliyan 2 da dubu 100 ya rubuta waɗannan kalmomi a wurin bayani. Rubutun shi kaɗai ba ya kashe ragowar, sai in kafinta ya yarda. Tsohuwar ƙa'ida ma, tun shari'ar Foakes da Beer ta 1884, ita ce biyan wani ɓangare na bashin da babu musu a kansa ba ya sauke sauran. Amma a nan akwai musu na gaske a kan benci 40, kuma in kafinta ya ga alat ya yi shiru, ya kashe kuɗin, ya bar wata biyu suka wuce, ya ba lauyan can damar cewa shirunsa yarda ce. Abin da zai yi shi ne ya rubuta a ranar, a buɗaɗɗiyar wasiƙa mara alama, cewa ya ga miliyan 2 da dubu 100, ya karɓe su a matsayin wani ɓangare na bashin, bai amince su ne biyan ƙarshe ba, kuma saura dubu 700. Ya aika ta hanyar da za ta bar shaida, ya sa wanda ya karɓa ya sa hannu da kwanan wata a kan kwafinsa, ya ajiye kwafin a gefen buɗaɗɗun takardu.